Gyaɗar Yaya

Shagona na maganin gona yana bakin titi a Tudun Wada. Da kason gonata na gado na buɗe shi, kuma tun ranar da na sayar da kason nan yayana ya daina neman shawarata. Yana zaune a ƙauyenmu ta wajen Kiru, yana noman abin da ya rage. Muna gaisawa, muna haɗuwa a suna da jana'iza. A idonsa dai wanda ya sayar da ƙasar ubansa ba abin da ba zai sayar ba.

A wata damina ya shigo shagon da sabuwar waya a hannu. Surukinsa ne ya saya masa, ya kuma nuna masa inda zai danna ya yi magana da Hausa ta nemo masa amsa. Yaya yana karatun allo da ajami, amma boko sai hotuna.

"Alhaji ɗan kasuwa," ya ce bayan mun gaisa, "yau ba sai ka wahalar da bakinka ba. Na yi malamin gona na aljihu. Shi ba ya cin riba."

"Allah ya sa ya fi ni, Yaya. Me ke tafe da kai?"

"Ai gabanka zan tambaye shi."

Ni ma ina neman abu a waya kullum, amma da yatsa. Mai rubutu da yatsa marowaci ne: allon ƙanƙane, hannu ga ƙurar taki, mai saye na jira. Kalma uku nake jefa mata, maganin ciyawa masara, shi ke nan. Baki kuwa ba ya jin nauyin kalma. Da zarar mutum ya buɗe shi, sai ya yi magana yadda ya saba yi da mutane, da gabatarwa da dalili da neman alfarma.

Yaya ya gyara zama a kan buhun taki, ya danna, ya yi sallama. Sannan ya yi shiru yana jiran a amsa, kamar yadda aka koya mana. Wayar ta ɗauki shirun nan a matsayin ƙarshen magana, ta kawo masa bayani kan falalar sallama. Na danne dariyata.

Ya sake dannawa. "To, don Allah ina da tambaya. Wato gonar nan tawa ta bayan gari, bana masara na sa, ta fito kyau, alhamdulillahi, to amma ciyawa ta taso mata, ga 'yan ƙodago sun yi tsada, shi ne nake son a gaya min maganin da zan fesa." Ya tsaya ya ja numfashi, ya shafa gemu. "Sai dai kuma akwai gyaɗa a tsakanin kunyoyin."

Ina tsaye a kafaɗarsa ina kallon kalmominsa suna fitowa a rubuce. Sun tsaya a kan "fesa". Kafin ya ambaci gyaɗa wayar ta riga ta rufe kunne, ta jero hotunan kwalabe masu zanen masara.

Wannan ɗabi'ar tamu ce. Dattijo ba ya fara magana da abin da ya fi damunsa, sai ya share fage, ya ajiye shi a ƙarshe. Shekarun da na yi a kasuwa sun koya min cewa abin da ya biyo bayan "sai dai kuma" shi ne cinikin.

Gyaɗar nan kuwa ba ta kasuwa ba ce. Iri ce ja, ƙanana, mai yawan mai, da mahaifinmu ya riƙe har ya rasu, Yaya ya ci gaba da ajiye ta. Bara ba ta yi kyau ba, don haka bana ya zuba duk abin da ya rage a ƙasa. Da gyaɗar nan matarsa take yin ƙuli-ƙuli da mai.

"Yaya, ba ta ji maganar gyaɗa ba. Wannan maganin masara kaɗai yake bari. Duk mai faɗin ganye ƙone shi yake yi."

"Da bakina na faɗa mata."

"Ka faɗa bayan ta daina saurare."

"To kai faɗa mata, tunda ku ne 'yan boko."

Na karɓa, na maimaita tambayarsa kaf, a numfashi ɗaya, har da gyaɗar. Wannan karon duk ta rubuta. Sai ga kwalaben nan dai sun dawo.

Na san dalili, don na sha gwadawa. Idan aka ba ta doguwar magana, takan rage wa gaisuwa da "wato" da "don Allah" nauyi, ta tsamo abin da take ganin shi ne buƙatar, ta je ta nemo rubutun da ya fi kusa da shi. Sau da yawa tana dacewa, ban raina mata ba. A nan ta tsamo masara da ciyawa da feshi, waɗanda aka yi rubutu a kansu da yawa. Masara da gyaɗa a gona ɗaya kuwa, da alama ba ta sami wanda ya rubuta shi da Hausa ba, sai ta miƙo abin da take da shi, ba ta ce mana ta bar wani abu a baya ba.

Yaya ya yi murmushi. "Ka gani? Ko a bakinka ba ta sauya magana ba."

Na goge, na buga kalmomi huɗu da Turanci da yatsa. Nan take ga gargaɗi ya fito ɓaro-ɓaro, kada a fesa inda akwai gyaɗa ko wake. Na nuna masa. Ya kalli rubutun, ya kalle ni.

"Wannan kuma kai kaɗai ka san abin da ya ce."

"Kira duk wanda ka yarda da shi ya karanta maka."

"In tara maka mutane a kan gonata? Miƙo kwalbar."

"Ba zan sayar maka ba. Fartanya ce maganin gonar nan. Ni zan biya 'yan ƙodagon."

Nan fuskarsa ta sauya. Na san na taɓa inda ba a taɓawa. Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa.

"Ban zo bara ba," ya ce, ya fita.

Na aika wa matarsa saƙo, na kira surukin, na roƙi limamin ƙauyen ya yi masa magana. Duk amsa ɗaya suka kawo: ya ce ya tambayi wayar har sau biyu, a gaban mai shagon ma. Ranar kasuwa ya sayi kwalbar a hannun wani mai tebur, wanda bai tambaye shi komai ba.

Da labari ya iso ni cewa ya fesa, na hau babur na tafi. Masarar tana tsaye kore shar, ba ciyawa ko ɗaya. A tsakanin kunyoyin gyaɗar ta yi ruwan ƙasa, ganyen ya naɗe, in ka murza sai ya zama gari. Matarsa tana bin gefen gona inda feshin bai kai sosai ba, tana duba ko akwai saiwar da ta tsira. Ta gaishe ni ba ta ɗago ba.

Yaya yana tsugune a ƙarƙashin ɗorawa, wayar a aljihun gaba. Na tsuguna kusa da shi na yi masa jaje. Ya dafa aljihun da wayar take.

"Na faɗa mata akwai gyaɗa," ya ce. "Kai shaida ne."

"Ni shaida ne, Yaya. Na kuma gaya maka."

"Ka gaya min kamar mai shago."

Na tambaye shi ko akwai wanda ya taɓa ba wa irin nan a ƙauyukan kusa, mu je mu nemo ko mudu ɗaya ne. Ya ce bai taɓa ba kowa ba, na gidanmu ne. Ya tashi ya shiga cikin masarar, ya bar ni a gindin ɗorawa.