Sunan da Tasalla Ba Ta Faɗa

Duk wanda ya taɓa sayen man gyaɗa a unguwarmu ta Gumel ya san Tasalla. Ta fara matsar tunkuza tun tana amarya, ba ta daina ba sai da yatsunta suka lanƙwashe. Yanzu takan zauna ne bakin murhu tana ba masu aikin umarni, ta ɗanɗana ƙuli-ƙuli ta ce gishiri bai ji ba. Mace ce mai ƙarancin magana da yawan kunya.

Ɗanta na fari, Ɗalhatu, kafinta ne a Kaduna. Sanƙarau ya tafi da jinsa yana yaro, amma ya yi makarantar kurame, yana karatu yana rubutu. Kamar yadda ta gada, Tasalla ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wancan na Kaduna," haka take cewa.

Sauran 'ya'yanta saƙon murya take tura musu, ta yi ta zuba. Shi kuwa murya ba ta isa gare shi, ita kuma ba ta yi boko ba, balle yatsun su yarda. Sai ta nemi Gambo, taubashiyarta, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti, ta rubuta mata. A gaban mutum kuwa me uwa za ta ce wa ɗan fari? "Ki ce muna lafiya. Ya gaida iyali." Shi ke nan.

Ana saura kwanaki Babbar Salla, Gambo ta shigo da waya a hannu.

"Ke dutsen niƙa, ɗanki ya rubuto mini. Ya ce bana ba zai zo ba. Wai ƙannensa na samun hirarki, shi kuwa gaisuwar baƙo. Yana ganin ko kurumtar ce ta gundure ki."

Tasalla ta gyara itace a wuta. Ta ce, "Shi ya faɗi haka?"

"Da ni zan ƙirƙira? Kawo wayarki, ni na gaji da zama bakinki."

Gambo ta saka mata Hausa a allon rubutun wayar, ta nuna mata ɗan hoton makirfo. "Ki taɓa nan ki yi magana, ita za ta rubuta. Amma sai da data. Kuma ki bar kusa da turmi, hayaniya rikita ta take."

Ta kuma saka mata wata manhaja mai karanta Hausa, ta koya mata yadda za ta kwafi rubutu ta liƙa a ciki, ta taɓa hoton lasifika. Wata murya ta karanto, sarai amma ba hawa ba sauka.

"Wannan 'yar wane gari ce?" in ji Tasalla. "Magana kamar an ɗaure mata wuya."

"Ta dai fi ki sakin baki."

Kwana biyu tana gwaji. Ta gane in ta yi dogon shiru wayar takan daina saurare, sai an sake taɓawa. In ta yi sauri takan haɗiye kalma, wani lokaci ta rubuta abin da ba a ce ba. Don haka ba ta aikawa sai ta sa an karanto mata, in da kuskure ta goge ta sake.

Rana ta uku da hantsi ta bar masu aikin suna suya, ta shiga ɗaki ta saki labule, ta zauna kusa da taga inda waya ta fi kamawa. Ta taɓa makirfon, ta ba ɗan nata na fari labarin ragon da ta ɗaure, da kujerar da ya ƙera mata wadda ba ta barin kowa ya hau. Ta ce ranar da ya kwanta ciwo ita ce ta goya shi har asibiti, ko da yake kakarsa aka ce ta yi. Sannan ta dubi labulen. Babu kowa. Ta sassauta murya ta faɗi abin da bai taɓa fitowa daga bakinta ba.

Da ta sa aka karanto, muryar ta kai ƙarshe ta ce, "Ɗalhatu ka zo gida," ko a jikinta. Tasalla ta rufe fuska da gefen mayafi. Yatsanta ya tsaya kan wurin gogewa. Can ta matsar da shi, ta aika.

Amsa ta iso bayan azahar, Gambo na zaune. Tasalla ta so tashi da wayar, Gambo ta riƙe mata zane. Dole ta sa aka karanta a nan.

"Inna ashe kin san sunana. Ina tafe jajibiri da yaran. Kada a yanka ragon sai na zo."

Gambo ta yi dariya har da riƙe ciki. "Tasalla, ke ce kika kama sunan ɗan fari?"

"Wa ya ji ni?" in ji Tasalla. "Waya ce ta rubuta."

Ta miƙe ta je ta ƙara wa ragon dusa. Har yau in an tambaye ta, wancan na Kaduna yana lafiya. Amma kullum da hantsi labulenta a sake yake, masu suya kuma sun koyi rage murya.