Jakin Kawu da Gurbi na Uku

Shekarar da na bar makarantar 'yan mata da Nasara suka buɗe, gida ba wanda ya san abin da zai yi da ni sai Kawuna. Shi ya san na iya lissafi, ko da yake bai taɓa yarda da lissafin da na yi masa ba.

Sana'arsa ita ce ya ɗauki kaya a kantin Bature da ke Sabon Gari, atamfa da akoko da sabulu, ya ɗora wa jakinsa ya zaga kasuwannin ƙauye. Ƙarshen wata a ba shi la'ada gwargwadon cinikinsa. Fam goma na farko, sisi, wato rabin sule, a kan kowane fam. Daga nan zuwa fam ashirin, sule. Abin da ya haura ashirin, sule biyu.

Akawun kantin, wani mutumin Ikko, ya gaji da gardamar dillalai, sai ya sa aka sassaƙa masa katako mai gurbi uku kamar na dara. Kowane fam tsakuwa ɗaya. Gurbin farko goma yake ci, in ya cika a zarce na biyu, shi ma goma, saura a na uku. Kowace tsakuwa kuɗin gurbinta take ci, ba ruwanta da maƙwabciyarta. Ko akuya aka nuna wa za ta gane.

Wani wata cinikin Kawu ya tsaya a fam goma sha tara, saura kwana biyu. Ya shigo gidanmu yana haki.

"Ke ɗiyag ga, in na haura ashirin, duka kuɗin sule bibbiyu za su ci, ko?"

"A'a, Kawu. Abin da ya haura kaɗai."

"Mi kika sani? Ba ki karanta babin zakka ba? In dukiya ta kai nisabi, a kan duka ake fitarwa ko a kan ɓurɓushin da ya hau bisa?"

"Kantin Bature ne, Kawu, ba zakka ba."

"Lissafi ɗaya ne duniya da lahira!"

Ya je ya tambayi ƙanen kakana, malami mai zaure cike da littattafai, wanda bai taɓa taka kanti ba. Tsohon ya ce lalle nisabi haka yake. Bai yi ƙarya ba, tambayar da aka yi masa ya amsa.

Mai saye kuwa babu, don duk ƙauyukan ya riga ya cika su da kaya. Sai Kawu ya yanke shawarar ya zama mai sayen kansa. Ya ja jakin zuwa kara, kasuwar dabbobi, ya sayar fam biyu. Abin da ya rage a hajarsa laima ce goma sha shida, sule biyu da sisi kowace, fam biyu ke nan cif, ga damina ta wuce. Ya zauna a zaure ya saya daga hannun kansa. Wallahi na ji shi yana neman ragi, mai kayan ya ƙi.

Na ce, "Kawu, da me za ka kai kaya kasuwar Kware?"

"Fam biyu da sule biyu za su ba ni. In ƙara kaɗan in sayi wanda ya fi shi."

Ranar biya ya tafi da ni don in ga kunyata. Akawu ya zuba tsakuwa: goma, goma, ɗaya. Ya ce sule biyar, sule goma, sule biyu. Sule goma sha bakwai.

Kawu ya miƙa hannu ya kwashe tsakuwa ashirin ɗin ya tura su gurbi na uku. Suka zube ƙasa, don gurbin bai kai ba. Ya durƙusa yana tsinta yana kawo hujja da Larabci. Akawu ya dube ni.

"Gaya wa babanki."

"Kawuna ne. Na gaya masa tun shekaranjiya."

Na juya na ce wa Kawu da bai taɓa jakin ba, sule goma sha huɗu zai karɓa. Sule uku ke nan ya ƙaru. Na faɗa da ƙarfi a gaban dillalai, abin da innata ta yi mako tana yi mini faɗa a kansa.

Ya karkaɗe gwiwarsa ya gyara rawani. "To, ba komi. Ai yanzu na shiga gurbin manya. Watan gobe daga nan zan tashi."

Akawu ya kife katakon a kan tebur, ya share tsakuwar cikin gwangwani, ya kira na gaba. Kowane wata daga gurbin farko ake somawa.

Wanda ya sayi jakin ya riga ya wuce da shi Gobir. Ranar kasuwar Kware na ga Kawu ya fita da sassafe, ƙunshin atamfa a ka, laimomi ɗaure a baya. Ya ce in zo in riƙe masa sabulu. Na ce ina da wanki.