Masan da Na Saya wa Inna

Shekarar da na fara aiki a Kano gwiwoyin Inna suka ƙi tsuguno. Ba ita ta faɗa mini ba, don ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta kira. Ƙanwata ce ta ce sai Inna ta dafa bango take iya tashi daga shadda. Na ƙudura zan sa mata masai na zama a gidanmu na Wudil.

Ni mutum ne mai yawan tsoron kuskure, shi ya sa na yi ta tambaya kafin in saya. Abin da na fahimta, in ban yi kuskure ba, masan iri biyu ne. Akwai mai turawa, wanda masu shago ke kira woshdan: maƙogwaronsa gajere ne mai faɗi, nauyin ruwan da ya zubo shi ke ingiza ƙazanta, ko rabin bokiti aka sheƙa ya wadatar. Akwai kuma mai zuƙa, sayifon: maƙogwaronsa siriri ne mai lanƙwasa, sai ruwa mai yawa ya zo a lokaci guda ya cika shi kafin ya ja komai ƙasa. Ya fi tsabta, amma in ruwan ya zo a hankali, abin sai ya yi ta kewayawa yana nan.

Mu kuwa, duk da kogi na kusa, famfonmu sai ya ga dama. Da 'yan garuwa muke rayuwa. Na sayi mai turawa. Akwai wani ɗan ɗigo baƙi a gefen bakinsa na hagu, har na so in mayar, mai shago ya ce ba tsagewa ba ce.

Aikin na ba taubashina, ɗan kawuna, wanda gyaran famfo ne sana'arsa. Tare muka taso, ban taɓa shiga gidansu ya bar ni ba tsokana ba.

Da na dawo ƙarshen mako, na tarar da wani masan daban, dogo, ruwa kwance fal a cikinsa.

"Ina wanda na kawo?"

"Ya tsage a mota, Malam Boko. Ko ɗaurin kaya ba a koya muku a jami'ar? Na sa wa Gwaggo na manya, ragowar wani aiki ne da na yi a birni."

"Kamar mai zuƙa ne wannan. Anya zai yi da ruwanmu?"

Ya cika ƙaramin tankin da jarka, ya danna. Ruwan ya juya ya wuce. "To, ka ji? Bawana, ka tsaya a kan takarda, ka bar mini famfo."

Na yi dariya. Ba a titsiye taubashi a gaban iyaye, kuma Inna na tsakar gida tana sa masa albarka.

Damina ta wuce. Wata Asabar na iso ba sanarwa, na ga Inna tana fitowa daga tsohuwar shadda, hannu ɗaya a bango, ɗaya a gwiwa. Ta gan ni ta kawar da kai. Ƙanwata ce ta ja ni zaure. Ta ce famfo ba ya cika tankin, Inna kuma ba ta iya ɗaga cikakken bokiti ta juye gaba ɗaya. Da buta take zubawa, abin ba ya tafiya. Sau da yawa ya toshe, ta rufe ƙofar, ta hana a gaya mini.

Har a lokacin ina nema wa taubashina uzuri. Na ce wataƙila bai sani ba.

Ranar sunan ɗansa na shiga kewayen sabon gidansa a hanyar Darki, inda ko famfo ba a ja ba. Bokiti na gefe. Masan mai turawa ne, ga ɗigon baƙi a gefen hagu. Na daɗe tsaye. Ban ce ba za a sami wani mai irin ɗigon ba, amma na durƙusa na shafa shi da yatsa.

Da na fito na ce masa a hankali, "Ashe ya warke daga tsagewar."

Ya dafa kafaɗata. "Haba bawana, kai fa ma'aikaci ne. Na ɗauka kafin shekara ka haƙa wa Gwaggo burtsatse. Ni ina zan samo ruwan wancan?"

Na sake sayo mai turawa, na kira wani mai gyaran famfo daga Indabo. Sai da aka fasa tayil, don mafitar mai zuƙa da ta mai turawa ba wuri ɗaya take ba. Inna na zaune tana jin guduma, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kai wannan, kada maganar ta je kunnen kawunka."

Ba ta je ba. Muna gaisawa da shi a kasuwar Juma'a, ina gida, ina yara. Yana ce mini bawana har yanzu, yana jira in rama kamar da. Ni dai na kan ce masa, "Lafiya lau."