Kalma Ɗari da Hamsin

Duk Hunkuyi an san Farida ’yar Lantana da abu biyu: hannunta ba zafi in tana allura, kuma kanta tamkar rumbu, abin da ya shiga ba ya fita sai a yadda ya shiga. Tana da shekara goma sha huɗu ta haddace Alƙur’ani. Marigayi ubanta in zai aike ta, sai ya kama kunnenta ya ce saƙo amana ne, kada ta ƙara, kada ta rage. Ita kuwa ta ɗauki maganar da gaske, har tarin da ya yi a tsakiyar saƙo sai ta kai wa mai shi.

Ta yi karatun jinya, ta yi aure, mijin ya rasu a hatsarin mota kafin su ga haihuwa. Ta kwaso akwatinta ta dawo gidan uwarta, su biyu rak a gida mai ɗaki biyar. Yayanta Auwal yana Kano, ya iya aiko da gaisuwa, Allah ya ba shi lada.

Shekara uku ke nan da ta shiga koyon Jamusanci, don an ce asibitocin can suna neman ma’aikatan jinya. Duk Asabar takan hau mota zuwa Makarfi, wurin Malam Elias, wani tsohon injiniya mutumin kudancin Kaduna da ya yi shekara sha ɗaya a Jamus ya dawo da sanƙo da son kiyaye lokaci. Su shida suka fara. Biyu sun tafi Jamus, uku sun gaji. Saura Farida, da yare cike da baki, ba wanda za ta yi wa a garinsu sai akuya.

Matakin da ta kai, ba a tambayar mutum sunansa ko kuɗin tumatir. Jarida ake miƙo maka, ka karanta labari, ka taƙaita shi da kalmominka. Zusammenfassung suke ce wa abin. Mutanen da ke son a gajarce magana, dubi tsawon sunan da suka raɗa mata.

Karon farko Malam Elias ya ɗauka kwafa ta yi. Karo na biyu ya ba ta minti ashirin ta karanta, ya karɓe takardar ya zauna a kai. Ta rubuto masa labarin sak, har da shekarun matar da aka yi hira da ita.

“Farida, ’yata, da injin kwafa nake so da na je shagon hoto.”

“Baba, ina kuskuren?”

“Babu. Matsalar ke nan. Wannan maganar ɗan jaridar ce, ban ga taki ba. Ta ina zan san kin fahimta?”

Ya ƙirga mata a yatsu, ba karon farko ba. Jimlar farko ta faɗi kan labarin, wanda ya rubuta, jaridar, ranar, da abin da ake magana a kai. Sai manyan batutuwa kawai, kamar yanzu ake faɗa, kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon asali. Maganar da wani ya yi a ciki, a juya ta a ce wane ya ce kaza, ba a ɗauko ta da ƙafafunta ba. Misalai da ƙawa a zubar. Ra’ayinka kuma ka bar shi a gida.

Sannan ya miƙo mata sabon labari mai kalma ɗari huɗu da hamsin. Ya ce ƙafarsa ta gaji, ƙarshen shekara zai koma garinsu. In ta kawo abin kirki Asabar mai zuwa, zai shirya ta ta zauna jarrabawar Oktoba a Legas. In ta sake kawo hadda, to sun yi sallama.

Kwana huɗu tana fama. Ta ja layi ƙarƙashin abin da ke da muhimmanci, ta duba sai ta ga ta ja wa shafin duka. Duk jimlar da ta taɓa, sai ta ji kamar hannun ubanta a kunnenta.

Ranar Alhamis bayan la’asar tana zaune a tsakar gida tana ƙunƙuni da Jamusanci, Lantana na gefe tana ɓarar gyaɗa da lalube, don idon ya fara tafiya, bakin ne ko gezau.

“Ke, wannan kakin majinar da kike yi tun Lahadi, me suke cewa?”

Farida ta soma fassara mata daga farko: wata tsohuwa ce mai shekara tamanin da huɗu a wani ƙaramin gari, labulenta fari, tana da kyanwa, kullum da safe takan ajiye kofi biyu a tebur ko da yake mijinta ya daɗe da mutuwa…

“Tsaya. Ni tsohuwa ce, ban da lokacin labule. In maƙwabciyarmu Sabuwa ta leƙo ta katanga ta ce me ya faru, tuwonta na kan wuta, me za ki ce mata?”

Farida ta kife takardar.

“Zan ce tsofaffi ne suka yi yawa a garin, kowa shi kaɗai a gida, ’ya’yan sun tafi aiki nesa. Hukumar garin ta samo masu sa kai suna buga musu waya duk safiya. Wata mai bincike ta ce abin yana taimakawa, amma bai kai a zo a zauna da mutum ba. Kuma masu bugawar sun yi kaɗan.”

“To, ashe kina da baki. Ubanki ne ya riƙe miki shi, Allah ya jiƙansa, shi da ba ya iya gajarce ko sallama.”

“Inna, ba cin amana ba ne?”

“Kin yi musu ƙarya?”

“A’a.”

“To rubuta ki bar ni da gyaɗata.”

Ta rubuta da Jamusanci, takardar a kife, sai da ta gama ta buɗe don ta tabbatar ba ta juya ma’ana ba, ba ta kuma ari jimlar kowa ba. A ƙasa hannunta ya ƙara layi ɗaya: bai kamata a bar uwa da waya ba. Ta daɗe tana kallonsa. Ba ɗan jaridar ya faɗa ba, ita ce. Ta soke shi.

Ranar Asabar Malam Elias ya karanta sau biyu, ya gyara kalma uku, ya ƙirga: ɗari da hamsin da biyu.

“Yau na ji muryarki. Oktoba ke nan. Wannan da kika soke fa?”

“Nawa ne, Baba.”

Ya ɗaga takardar wajen haske, ya sauke, ya miƙa mata.

Da ta dawo ta tarar da Lantana a inda ta bar ta, da tire a cinya. Ta gaya mata Malam ya yarda ta zauna jarrabawar.

“Madalla. Sai ki koya mini latsa wayar nan kafin ki tafi, kada in rasa nawa kiran safiyar.”

“Inna, ba yanzu ba ne fa.”

“Na sani. Matar nan mai kofi biyu, kin sa ta a ciki?”

“An cire ta. Misali ce kawai.”

“Haka ne,” in ji Lantana. Ta laluba tiren, ta ci gaba da ɓara.