Shekara Huɗun da Kawu Ya Yanke

A shekarar da soja suka koma bariki na cika arba'in. Ko in ce ni da gwiwoyina muka cika, domin a fayil ɗina na ma'aikata shekarata talatin da shida. Kawuna ne ya yi wannan aika-aika. Lokacin da zan kama aikin akawu ya je kotu ya yi rantsuwar shekaru a madadina, ya zabtare huɗu, wai don kada ritaya ta riske ni da wuri. Rabin ofishinmu haka suke, kowa da shekarun gida da na gwamnati, kamar kayan fita da na zaman gida.

A cocinmu na unguwar Kudenda, mace ba ta yin godiyar cika shekara hannu rabbana. Sai ta buga kalanda mai hotonta, da 'yan kalmomi a ƙasa, a raba wa jama'a. Na ɗaura ashoke, saƙaƙƙen zanen nan na biki, na je aka ɗauke ni hoto ina riƙe numfashi don tumbi ya shige, na kai wa mai buga takardu.

"Madam, layi biyu kawai hoton zai ɗauka a ƙasa," in ji shi. "Zan buga a kwamfuta, in fitar miki da gwaji ki sa hannu. Daga nan sai fim, sai a ƙona shi a kan farantin ƙarfen da inji ke bugawa da shi. In an ƙona, ko gwamna bai isa ya canja wasali ba. Shekara nawa za mu sa?"

Nan gizo ke saƙar. Na riga na gayyaci 'yan ofis, har da ogan da ke riƙe da fayilolinmu, mutumin da ko tari ka yi sai ya nemi takarda. In ya ga arba'in a bango, ya ga talatin da shida a fayil, ina tsoron takardar tuhuma. Na ce a sa talatin da shida.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Madam, wa ke buga kalanda don talatin da shida?"

Haushi ya kama ni, don gaskiya ya faɗa. Na ce to ya bar lambar, ya rubuta "Godiya ga Ubangiji saboda yawan rai." Ya ce wannan na masu tamanin ne, mutane za su zo da gaisuwar mutuwa. Na karɓi gwajin mai talatin da shida na yi gida ina huci.

Mama ta zo daga ƙauye saboda bikin. Ba ta karatu, sai ta sa in karanta mata. Da na zo kan lambar ta ajiye tsintsiya.

"Sake faɗi."

Na sake, na kuma yi mata bayanin kawu da kotu da fayil.

"To, na ji. Waɗanne huɗun kika zubar? Na farko? A cikinsu na goya ki. 'Ya'ya biyu na binne kafin ke, ko ɗaya bai kai huɗu ba. Ranar da kika wuce huɗu na yanka kaza, ubanki yana ta faɗa don ita ce mai ƙwai. Kawunki yana ina lokacin?"

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Shekara da shekaru ina murnar an rage mini huɗu, ban taɓa tambayar na wa aka ɗebe ba.

Da safe na koma kafin a ƙona faranti. Muka zauna da mai bugawa muna ƙirga haruffa. Na so in sa furfura da ciwon baya da hawa bene, ya ce kalanda ce, ba katin asibiti ba. Muka yi ta yanka har ya shiga layi biyu:

"40 cif! Gwiwa na ƙara, ido na neman tabarau, tuwo dai bai gagare ni ba.
Na gode wa Allah da Mama, ba su rage mini ko ɗaya ba."

Na sa hannu.

Ranar Lahadi bayan sujada, ina raba shinkafa ina satar kallon oga. Ya buɗe kalandar, ya miƙa ta nesa da fuskarsa don shi ma idon ya tafi, ya karanta har sau biyu. Sai ya yafito ni. Na ajiye cokali na je.

"Madam, arba'in na gani nan."

"Haka ne, yallaɓai."

Ya duba hagu da dama, ya rage murya. "Mai bugawar nan yana da sirri? Wata mai zuwa zan cika sittin, amma a ofis hamsin da uku nake. Guda ashirin kawai nake so, na 'yan gida."

Dariya ta kusa sa ni zubar da miya. Fayil dai yana nan da talatin da shidansa, ba wanda ya taɓa shi.

Mama ta tafi da kalanda biyar. Da na kai mata ziyara na tarar da ɗaya a bangon ɗakinta, kwanakin duk sun wuce. Duk baƙon da ya shigo sai ta ɗora yatsa a kan lambar, abu ɗaya tilo da take iya ganewa a takardar, ta ce, "Arba'in. Ni na ƙirga."