Birki da Kwali Arba'in

A ma'ajiyar magunguna ba wanda yake kiranta da sunan yanka. Birki ake ce mata, daga maigadi har manaja, kuma tana amsawa ba tare da ta ɗago kai ba. Ofishinta wani ɗan lungu ne tsakanin ɗakin sanyi da banɗaki, mai tebur ɗaya da fankar da ke juyawa in ta ga dama. Mahaifiyarta har yau cewa take yi 'yarta likita ce, tunda kullum tana dawowa gida da warin magani a mayafi. Birki ta gaji da gyara mata, ta bar ta a haka.

Aikinta lambobi ne. Ƙananan asibitoci suna aiko da adadin maganin da ya rage musu ta wata manhaja a waya. Kowace safiya kwamfuta takan kwaso rahotannin, ta sabunta babban allon da ke zauren lodi. Da wannan allo Sarkin Lodi, dattijon da ke raba kaya a motoci, yake sanin wanda za a kai wa da wanda za a tsallake.

Sunan ya samo asali ne a shekararta ta farko. Wata safiya intanet ya yanke ana tsakiyar kwaso rahoto, fayil ya iso fanko, sai kanun layi kawai. Kwamfuta kuwa ba ta da kunya, ta share lambobin jiya masu kyau ta jera sifili daga sama har ƙasa. Aka yini ana loda kaya, aka kuma yini ana saukewa. Daga ranar ta gina abin da take kira zaure: sabbin lambobi ba sa hawa allo kai tsaye, sai sun tsaya an yi musu tambayoyi. Fayil ɗin fanko ne? Asibitoci sun ragu da yawa? Akwai adadin da ya yi ƙasa da sifili? An bar gurbi ba a cike ba? Akwai wanda ya ninka rahotonsa na baya fiye da sau goma? In amsar ta zo da matsala, sabuntawar gaba ɗaya takan tsaya, lambobin jiya su zauna a inda suke, jan rubutu ya fito a saman allo yana faɗin ranar da aka sabunta su, wayarta kuma ta yi ƙara. Wannan tsayarwar ce ta sa aka laƙaba mata Birki.

Halin ya bi ta har gida. In ɗanta ya ce ya ci ɗari bisa ɗari a lissafi, sai ta ce ya kawo takardar. Mijinta yakan ce ko gaisuwa ya yi mata sai ta tsaya a zaure tukuna.

Wata safiya cikin damina wayar ta yi ƙara tana kan hanya. Ta iso ta tarar da jan rubutu a allo, Sarkin Lodi a tsaye hannu a ƙugu, manaja kuma yana duba agogo. Ranar ce motar asibitin hayin kogi take tashi, wadda ba ta zuwa sai sau ɗaya a wata.

"'Yata, birkin naki ya sake cijewa," in ji Sarkin Lodi. "Direbobi sun sha shayi har sun fara neman na biyu."

"Ina zuwa, Baba."

Ta buɗe zauren. Asibitoci goma sha ɗaya sun yi arziki dare ɗaya. Wanda jiya yake da kwali shida na maganin zazzaɓin yara, yau yana da dubu huɗu da wani abu, a ɗakin da ko firji biyu ba zai ɗauka ba.

Manaja ya leƙo ta kafaɗarta. Mutum ne mai hankali, sai dai yana tsoron jinkiri, kuma da gaskiyarsa, don in ruwa ya sauko hanyar kogi takan yanke.

"To ai kin ga masu haukan," ya ce. "Cire su, ki saki sauran mu yi lodi."

"Yallaɓai, na ga waɗanda haukansu ya fito fili. Ban san dalili ba tukuna. In ban san dalili ba, ban san iyakar inda ya kai ba."

"Sauran ai sun wuce tambayoyin naki."

"Sun wuce. Wucewa ba shaida ba ce. A ba ni ɗan lokaci."

Ranta bai so yadda ya juya ya fita ba, kuma ita ma tsoro take ji. In ta tsare mota a banza har ruwa ya sauko, ba kwamfuta za a zaga ba.

Ta kira ɗaya daga cikin asibitocin. Mai bayar da magani ya ce shi bai yi kuskure ba, manhajar ce ta sabunta kanta, yanzu tana cewa a shigar da ƙwaya, ba kwali ba. Birki ta duba fayil ɗin. Sunan gurbin bai canza ba, "adadi" ne kamar kullum. Mai ƙirga ƙwaya da mai ƙirga kwali duk a layi ɗaya suke zubawa, allo kuma kwali yake ɗaukar kowa.

Sai ta koma kan waɗanda suka wuce lafiya, tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya a kan asibitin hayin kogi. Rabonsa da rahoto tun farkon wata, saboda sabis yana musu wuya. Wancan karon kwali biyar ne. Yau arba'in. Ninki takwas, bai kai goma ba, don haka ba abin da ya kama shi. A allo kuwa kwali arba'in na nufin an ƙoshi, a tsallake sai wata mai zuwa.

Ta kira sistar asibitin, layin yana yankewa tana sake kira.

"Sista, arba'in ɗin nan da kika tura, kwali ne?"

"Wane kwali, ƙanwata? Ƙwaya arba'in. Su ke nan a cikin ɗan kwano a gabana, ga yara a kan benci."

Birki ta ajiye wayar. Ta tashi ta sami manaja ta faɗa masa. Bai yi musu ba. Ya tambayi asibitoci nawa ne manhajarsu ta sabunta, ta ce ba ta sani ba sai ta ji daga kamfanin manhajar, kuma kowane magani da yawan ƙwayarsa a kwali, ba lissafin da za a yi da ka ba ne. Ya ce a bar allon da jan rubutunsa, a yi lodi da lambobin jiya, hayin kogi kuma a ƙara masa.

Sarkin Lodi ya sa aka cusa kwalaye har bayan kujerar direba, yana mita cewa a zamaninsa ba a tambayar na'ura kafin a ɗaura igiya. Mota ta fita hadari yana haɗowa.

Ita kuwa ta koma lungunta. Ta rubuta wa kamfanin manhajar, sannan ta ƙara tambaya a zaure: duk rahoton da bai faɗi ko kwali ne ko ƙwaya ba, ba zai shiga ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, ba tambayoyinta ne suka kama hayin kogi ba. Haukan wasu ne ya tsayar da kowa, shi kuma ya tsira a cikinsu.

Da yamma, tana haɗa jakarta, sista ta kira. Ana jin ruwa yana dukan kwano.

"Sun iso, ƙanwata. Da ƙyar suka haye, yanzu gadar ta shafe. Amma ku dinga sammako mana, kun makara."

"Za mu gyara, Sista. Arba'in ɗin fa?"

"Sun ƙare tun rana. Mata uku na hana tafiya, na ce su zauna da yaransu, mota tana hanya. Bari in je, na farkon nake ba wa."