Baba ya buga loto da wasiƙata

Jama'a, Baba ya kwashi lambobi a wasiƙata ya buga loto da su! Wallahi yau ɗin nan!

Kun san duk Asabar sai ya zuba dubu biyar, shagonshi na Babbar Kasuwa kuma gero sai ƙarewa yake. Ni ba ni iya faɗa mishi ido da ido, sai na rubuta na sa cikin hularshi. A hankali na bi shi: "Baba, shekarunka 58, don Allah ka rage ko rabi ne." Na sa kwanan wata, 17, a sama.

Na dawo makaranta Inna ta ce sau biyu ya karanta. Har rawa na taka, na ce shi ke nan, na gama da shi!

La'asar sai ga shi da 'yar takardar da injin mai loto ke fiddowa. Lamba biyu ya zaɓa, 17 da 58. Biyar ake fiddawa cikin casa'in, kuma sai duka biyun sun fito za ka ci. 17 ta fito, ɗayar kuma 59! Kuɗi sun tahi.

Inna ta ce, "Alhaji, haram ce fa, yarinyar nan roƙonka take."

Ya ce, "Ke ba ki ga saura ƙiris ba?" Ya juyo yana murmushi: "Ɗiyata, hannunki na da sa'a. Ki sake rubuto mini wata kafin Asabar."

Na kasa ko kuka.

Don Allah ku tura gaba, ko akwai wanda nashi uban ya taɓa dainawa.